Shafin karɓar gudummawa na ƙungiyar agaji: tambayoyin da masu ƙungiyoyi suka fi yi, da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi daga bakin masu ƙananan ƙungiyoyin agaji a Najeriya suke fitowa, musamman waɗanda suka daɗe suna tara kuɗi ta WhatsApp, yanzu kuma suna son shafi na kansu a intanet. Domin magana ta zauna wuri ɗaya, za mu riƙe misali guda har ƙarshe: ƙungiyar da ke neman naira 3,000,000 don haƙa rijiyar tuƙa-tuƙa a wani ƙauye. Alƙaluman rijiyar ƙaddarawa ce kawai, ba farashin kasuwa ba.

Me ya kamata mutum ya fara gani idan ya buɗe shafin?

Ya ga su wane ne ku, me za ku yi da kuɗin, da kuma inda zai danna ya bayar, duk kafin ya ja shafin ƙasa. Ku tuna cewa kusan duk wanda zai shigo, daga saƙon WhatsApp ko Facebook ya danno, a waya yake, wataƙila datarsa ta kusa ƙarewa. Idan abin da ya tarar shi ne tarihin kafa ƙungiya da jawabin shugaba, zai fita kafin ya kai ga lambar asusu.

A misalinmu, saman shafin zai ɗauki sunan ƙungiya, hoto ɗaya na wurin da mutanen ƙauyen ke ɗiban ruwa yanzu, da jimla biyu: za mu haƙa rijiyar tuƙa-tuƙa a ƙauye kaza, ƙaramar hukuma kaza, kuɗinta naira 3,000,000, an tara kaza ya zuwa ranar kaza. Sai maɓallin bayarwa. Ƙasa da wannan sai hanyoyin biya, sai lissafin aikin, sai takardun ƙungiya, sai rahoton ayyukan baya. Tarihi da jawabi suna da nasu shafin daban. Bidiyo mai tashi da kansa kuwa, ku raba kanku da shi, cin data yake yi.

Mutane sun sha damfara. Wace shaida ce ke sa a yarda da mu?

Shaidar da mutum zai iya tabbatarwa ba tare da ya tambaye ku ba. Wannan ita ce ƙa'idar da sauran amsoshin nan suka rataya a kanta. Hoton satifiket, tambari mai ƙyalli, da rubutun "mu masu amana ne" duk ɗan damfara ma yana iya sakawa, har ya fi ku iya tsarawa.

Mafi ƙarfin shaida ba ma a shafinku take ba. Tana cikin manhajar bankin mai bayarwa. Da zarar ya rubuta lambar asusun nan mai lamba 10, banki zai fito masa da sunan mai asusun. Idan ya ga sunan ƙungiya daidai da wanda ke saman shafi, hankalinsa ya kwanta. Idan ya ga sunan wani mutum, ko da ma'ajin ƙungiya ne mai gaskiya, mutane da yawa a nan suke tsayawa, kuma ba za su kira su gaya muku dalili ba. Saboda haka ku rubuta sunan asusun a shafi harafi da harafi yadda banki ke nuna shi, har da gajartawar da banki ya yi idan sunan ya yi tsawo, ku kuma ce: idan ka ga wani suna daban, kada ka tura.

Ta biyu ita ce rajistar hukumar CAC. Ƙungiyoyin agaji galibi suna yin rajistar amintattu ne, wadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada, kuma ana ba su lamba. Ku sa lambar a rubuce, ku gaya wa mai karatu cewa zai iya neman sunan ƙungiyar a shafin binciken CAC da kansa. Kafin ku yi haka ku fara dubawa. Ƙungiyar da ta yi shekaru ba ta miƙa rahoton shekara ba tana iya fitowa a matsayin wadda ba ta aiki, kuma ba ƙaramar kunya ba ce ka tura mutum ya je ya gano haka.

Ta uku mutane ne da wuri: sunayen amintattu, adireshin ofis da za a iya zuwa, da lambar waya da ake ɗauka. Idan wani malami ko basarake ya san aikinku, ambaton sunansa yana da nauyi ƙwarai a wurinmu, amma sai da izininsa, kuma a faɗi matsayinsa na gaskiya. Wanda ya halarci taronku sau ɗaya ba uban ƙungiya ba ne.

Ba mu da asusun ƙungiya tukuna. Ba za mu iya fara da na shugaba ba?

Ra'ayina shi ne ku jinkirta shafin har asusun ya samu. Bankuna kan nemi satifiket ɗin CAC, kundin tsarin ƙungiya, lambar haraji, bayanan masu sa hannu, da takardar SCUML, wato sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Abin yana ɗaukar lokaci, babu musu. Amma asusun mutum ɗaya matsalarsa ba ta tsaya ga rashin yarda ba. Kuɗin ƙungiya na cakuɗewa da na cefane, mai binciken kuɗi ba zai iya rabewa ba, kuma ran da mai asusun ya rasu, kuɗin ya shiga lissafin gado sai an yi da gaske. Ku buɗe asusun da sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi zai fita, ku kuma faɗi haka a shafi.

Waɗanne hanyoyin biya za mu sa, kuma wacce za ta zo farko?

Tiransifa ta zo farko, domin ita mutanenmu suka saba da ita, daga manhajar banki, ko OPay, ko Moniepoint, ko wurin mai POS na bakin layi. Ku rubuta lambar asusun a matsayin rubutu, da maɓallin kwafewa a gefenta. Kuskuren da na fi gani shi ne a sa lambar cikin hoto mai ado. Ba a iya kwafe ta, sai mutum ya haddace lamba 10 yana kai da kawowa tsakanin shafi da manhaja, a nan ake tura wa wani daban. Asusu ɗaya ya isa, ko biyu idan akwai na zakka. Jerin bankuna biyar ruɗani kawai yake kawowa.

Sai hanyar kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave, waɗanda ke karɓar kati, tiransifa da lambobin USSD a wuri ɗaya. Amfaninsu ba saurin biya kaɗai ba ne. Suna ajiye muku sunan mai bayarwa da adadi da lokaci, suna aika masa rasit nan take, kuma lambar katinsa ba ta ratsawa ta hannunku. Kada ku taɓa ƙirƙirar fom ɗin kanku da ke neman lambar kati.

Fom ɗin ya zama gajere: adadi, suna, da imel ko lambar waya. Ku sa wurin da mutum zai zaɓi a ɓoye sunansa, domin da yawa ba sa son hannun hagu ya san abin da na dama ya bayar. Ku rubuta layi ɗaya kan abin da za ku yi da lambar wayarsa, tunda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi ƙungiyoyi ma, ba kamfanoni kaɗai ba. Jefa masu bayarwa cikin zauren WhatsApp inda kowa ke ganin lambar kowa, ba tare da an tambaye su ba, ya isa ya kori mutum har abada.

Nawa ake cirewa a kowace gudummawa, kuma yaya za mu zaɓi adadin da za mu rubuta a maɓallai?

A nan akwai ɗan lissafi da ya cancanci a tsaya a kansa. Jadawalin da Paystack ya daɗe yana aiki da shi na biyan cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100. Ana yafe naira 100 ɗin idan kuɗin bai kai naira 2,500 ba, kuma cajin ba ya wuce naira 2,000 komai yawan kuɗin. Kamfanoni na sauya farashi, saboda haka ku duba na ranar da za ku buɗe shafin, amma yadda lissafin ke tafiya shi ne abin lura.

Wanda ya ba da naira 2,000, za a cire naira 30. Wanda ya ba da naira 3,000, za a cire naira 145, wato kusan kashi 5 cikin ɗari. Naira 5,000 cajinta 175, naira 10,000 cajinta 250, naira 50,000 kuma 850. Kun ga ke nan maɓallin naira 2,500 ko 3,000 shi ne mafi tsada a kanku idan aka auna cajin da kuɗin da aka bayar, na 2,000 kuwa kusan kyauta ne. Don haka idan za ku jera adadi, 2,000 da 6,000 da 20,000 sun fi 3,000 da 5,000 ma'ana, sai ku bar gurbin da mutum zai rubuta abin da ya ga dama.

Dalilin 6,000 zai fito a tambayar da ke tafe. Abin da ya rage shi ne ku faɗi cajin a fili. Wasu shafuka na ba mai bayarwa zaɓin ya ɗauki cajin da kansa. Hakan ba laifi, muddin shi ne zai zaɓa, ba ku ne kuka zaɓa masa a ɓoye ba.

Muna ganin ana rubuta "naira kaza za ta shayar da mutum ɗaya". Daga ina ake samo irin wannan adadi?

Daga raba kuɗin aiki da yawan waɗanda za su amfana na gaskiya, kuma a kalmar "na gaskiya" ake zamewa. Ƙauyen na iya ɗaukar mutum 4,000, amma famfon hannu ɗaya ba zai shayar da su duka ba. Ƙa'idojin Sphere, da ƙungiyoyin jinƙai na duniya ke aiki da su, sun ƙiyasta mutum 500 ga famfon hannu ɗaya, da mutum 250 ga kan famfo ɗaya. Idan kuka raba naira 3,000,000 da 500, kason mutum ɗaya ya zama naira 6,000. Wannan adadi za ku iya kare shi a gaban kowa. Idan kuka raba da 4,000 za ku samu naira 750, ya fi daɗin karantawa, amma duk wanda ya san aikin ruwa zai gane an yi ƙari, kuma manyan masu bayarwa galibi suna da wanda ya sani.

Ƙasa da wannan sai ku baje lissafin. A misalinmu: binciken ƙasa naira 150,000, haƙa da bututu 1,900,000, famfo da dakali 650,000, gwajin ruwa 50,000, zirga-zirga da sa ido 150,000, cajin biya da ajiyar gyara 100,000. Kada ku ɓoye kuɗin zirga-zirga. Ƙungiyar charity: water ta Amurka ta yi suna da cewa kashi 100 na kuɗin jama'a yana tafiya aikin ruwa, amma tana iya faɗin haka ne saboda wasu masu hannu da shuni daban ne ke biyan albashi da ofis. Idan ba ku da irin wannan tsari, kada ku ari maganarta.

Yaya za mu yi da zakka?

Ku ware ta tun daga fom. Mai bayarwa ya zaɓi ko zakka ce ko sadaka, kuma zakkar ta shiga asusu daban, ko aƙalla littafi daban. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na waɗanda ake ba zakka, kuma mafi yawan malamai ba sa ganin a yi aikin gayya irin rijiya ko gini da ita. Saboda haka shafin rijiyar nan ya ce a sarari sadaka yake karɓa. Idan kuna da shirin zakka, ku faɗi wa ake ba, cikin wane lokaci ake rabawa, ko ana cire wani abu na ma'aikata, da malamin da ke duba muku. Mutumin da ya fitar da zakkarsa ibada yake saukewa, yana da haƙƙin sanin ta isa inda ya kamata.

'Yan uwanmu na ƙasashen waje fa, ta ina za su bayar?

Katin waje yana iya wucewa ta Paystack ko Flutterwave, amma sai kun nemi a buɗe muku wannan hanya, kuma cajinta ya fi na gida, a Paystack kashi 3.9 cikin ɗari da naira 100. Mai son tura kuɗi mai yawa, ku ba shi bayanan asusun dala na ƙungiya da lambar SWIFT ta bankin. Ku gwada da katin wani na waje kafin ku yi shela, don kada ɗan uwa da ke Jidda ko Landan ya yi ta gwadawa ana ƙi, ya haƙura. Idan masu taimakonku a Maraɗi ko Damagaram ko zangon Kumasi suke, ku tambaye su da me suke tura kuɗi, domin abin da ake amfani da shi a can, irin su NITA da Amana a Nijar ko MoMo a Ghana, ba shi ne na Kano ba.

Ma'aunin nan da ke nuna "an tara kaza", yaya za mu sa ya zama gaskiya tunda yawancin kuɗin ta tiransifa yake shigowa?

Wannan ita ce matsalar da ba a hangowa sai an fara. Ma'aunin da ke haɗe da kamfanin biya abin da ya bi ta kamfanin kaɗai yake ƙirgawa. Mu ƙaddara an yi mako uku: naira 600,000 ta shigo ta Paystack, naira 1,500,000 ta tiransifa kai tsaye. Shafi zai nuna kashi 20 cikin ɗari, alhali kun kai kashi 70. Wanda ya tura naira 200,000 jiya zai duba ya ga ma'auni bai motsa ba, sai zargi ya shiga.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora wa mutum ɗaya aikin duba bayanan asusu daga banki a rana sananniya, misali kowace Juma'a, ya haɗa da na kamfanin biya, ya sabunta adadin da hannu, a rubuta ranar sabuntawa kusa da shi. Abin da banki ya nuna shi ake ƙirgawa. Hoton alat da aka turo ta WhatsApp ba kuɗi ba ne, na bogi sun yi yawa, alƙawari ma ba a sa shi a ma'auni. Idan kuna da ayyuka biyu a lokaci guda, ku roƙi mutane su rubuta kalma ɗaya a wurin bayanin tiransifa, kamar RIJIYA. Da yawa za su manta, saboda haka ku faɗa tun farko ina kuɗin da ba a yi wa alama ba zai tafi.

Akwai kuma wata alama da ya kamata mai duba asusun ya sani. Idan ya ga an yi ta gwada biyan ƙananan kuɗi da katuna daban-daban cikin 'yan mintuna, yawancinsu suna faɗuwa, ba masu sadaka ba ne. Ɓarayin kati ne ke gwada katunan sata a shafinku, domin shafin gudummawa yana karɓar kowane adadi. Ku sanar da kamfanin biyan nan take, ku kuma sa mafi ƙarancin adadin da fom zai karɓa.

Idan kuɗin ya wuce abin da muka nema, ko bai kai ba?

Ku rubuta amsar a shafi kafin naira ɗaya ta shigo. Misali: abin da ya haura naira 3,000,000 zai shiga ajiyar gyaran wannan rijiya da aikin rijiya ta gaba, idan kuma ba a kai adadin ba zuwa ranar kaza, za a sanar da masu bayarwa abin da aka yanke. Ranar da kuɗin ya cika ku rufe karɓa, ku rubuta an cika.

Wane irin rahoto za mu sa bayan an gama aikin?

A shafin da aka karɓi kuɗin za a sa shi, kada a goge shafin. Wanda ya zo ba da gudummawar rijiya ta biyu, shafin ta farko shi ne zai gamsar da shi fiye da duk wani zance.

Rahoton ya ɗora abin da aka kashe kusa da abin da aka ƙiyasta, layi da layi. Idan haƙa ta ci naira 2,150,000 maimakon 1,900,000 saboda an tarar da dutse sai da aka ƙara zurfi, ku rubuta haka, ku nuna inda naira 250,000 ɗin ta fito. Ku sa zurfin rijiyar, ranar da aka gama, sakamakon gwajin ruwa, da wurinta a taswirar Google yadda wanda ke kusa zai iya zuwa ya gani da idonsa. Hoto uku masu kwanan wata sun fi hoto talatin na bikin yanke ƙyalle. A batun hoto kuma, a nemi izinin mutane, yara kuwa sai da yardar iyayensu. Idan aikinku na marayu ne ko marasa lafiya, kada ku haɗa fuskar yaro da cikakken sunansa da unguwarsu.

Sai abin da ƙungiyoyi kaɗan ne ke yi: komawa. Rahoton ranar buɗewa yana nuna an gina abu ne kawai, bai nuna ana shan ruwa ba. Famfon hannu na lalacewa, robobinsa na cinyewa, ruwan ƙasa kuma na ja baya a watannin bazara. Ku koma bayan wata shida, in so samu ne a watan Afrilu lokacin da rani ya kai maƙura, ku rubuta layi biyu: tana aiki ko ba ta aiki, wa ke kula da ita, nawa ya rage a ajiyar gyara.

Idan aikin ya lalace gaba ɗaya, misali aka haƙa ba a samu ruwa ba, mu faɗa?

Ku faɗa, kuma ku riga kowa faɗa. Ana haƙa a rasa ruwa ko bayan an yi binciken ƙasa, musamman a yankunan duwatsu. Mutanen ƙauyen sun sani, suna da wayoyi, labarin zai fito ko kun so ko ba ku so ba. Ku rubuta nawa aka kashe a ramin farko, me yarjejeniyarku da mai haƙa ta ce kan rami busasshe, nawa ya rage a asusu, da ranar da za a sake gwadawa. Wannan ma dalili ne na ku sa sharaɗin rami busasshe a yarjejeniyar tun kafin motar haƙa ta shiga ƙauyen, ku kuma ambaci sharaɗin a shafin ƙarƙashin lissafin aikin, kusa da layin haƙa da bututu.